Na haɗa reshe ba daidai ba, aiki ya tsaya: yaya zan rubuta wa shugaban tawaga?

Tambaya: "Jiya a Git na janyo `main` cikin reshena, fayil ɗaya ya ci karo, sai na ɗauki nawa gaba ɗaya da `--ours`. Na haɗa, aka ɗora a saba, oda ta daina shiga kusan minti 40 har sai da muka koma tsohuwar siga. Ashe na goge gyaran abokin aikina ne. Shugaban tawagarmu ya ce in rubuto masa abin da ya faru da yadda zan gyara. Wallahi na rasa ta inda zan fara."

Ƙanena, kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka je ka duba `main`. Komawa tsohuwar siga saba kawai ya gyara, bai taɓa ma'ajiyar kod ba. Ɓataccen haɗin yana nan zaune a kan `main`, kuma idan tsarinku yana ɗora duk abin da ya shiga can kai tsaye, to mutum na gaba da zai haɗa ɗan gyaransa, ko da na rubutun maɓalli ne, zai sake ɗora ɓarnar tare da nasa. Na sha ganin aiki ya faɗi sau biyu a yini ɗaya ta wannan hanya, kuma faɗuwa ta biyu ita ce ke ɓata wa shugaba rai, domin ana iya kauce mata. Idan ba a dakatar da ɗorawa ba, ka tura saƙo na layi biyu yanzu ka nemi a dakatar. Cikakkiyar takarda ta biyo baya.

## Abin da shugaba yake nema a takardar

Shugaban tawaga zai karanta takardarka ne da aiki a gabansa. Akwai wanda ke sama da shi da zai tambaye shi, akwai masu kula da kwastomomi da ke jiran abin da za su faɗa wa mutane, akwai sauran abokan aiki da ke son sanin ko su ci gaba da haɗa nasu. Saboda haka abin da yake buƙata da farko shi ne halin da ake ciki a wannan minti: aiki ya dawo ko bai dawo ba, me ya rage a ɓace, wane hukunci ake jira ya yanke. Labarin yadda abin ya faru daga baya yake zuwa. Yawancin masu rubuta irin wannan takarda suna farawa ne daga safiyar ranar, suna bin labari daki-daki, sai mai karatu ya kai sakin layi na huɗu bai san ko wutar ta mutu ba. Ka juya tsarin, ƙarshen labari ya hau sama.

Sai kuma ka raba abin da ka tabbatar da abin da kake zato, ka rubuta su a haka. "Na duba rajistar saba, na ga kaza" daban yake da "ina jin kaza ne ya jawo". Shugaba zai ɗauki jimlarka ya maimaita ta a gaban wasu, kuma idan zato ka ba shi a matsayin tabbas, shi zai ji kunya. A wajena wannan ya fi kowane tsari na rubutu muhimmanci.

## Ka samo hujja tukuna

Bari mu sa wa abubuwan suna don maganar ta zauna, kai sai ka musanya da naka. A ce fayil ɗin `orders.py` ne, reshenka `feature/discount` na aikin rangwame. Abokin aikinka ya sauya sunan wani gurbi a teburin `orders` daga `status` zuwa `state`, ya gyara fayil ɗin, kuma aikinsa ya riga ya fita a siga `v2.13`. Da ka ɗauki naka gaba ɗaya, fayil ɗin ya koma kiran `status`, alhali rumbun bayanai ya daina sanin wannan suna. Idan PostgreSQL kuke amfani da shi, rajista za ta cika da `column "status" does not exist`, kwastoma kuma ya ga kuskure mai lamba 500 duk lokacin da ya danna maɓallin saye.

Ka lura akwai haɗi biyu a nan, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Na farko shi ne wanda ka janyo `main` cikin reshenka, mu kira shi `7c1e9ab`. A nan ɓarnar ta auku. Na biyu shi ne wanda ya shigar da reshenka cikin `main`, mu kira shi `a3f92d1`. Shi bai yi laifin komai ba illa ya ɗauko abin da ya tarar. A takarda dole ka ambaci duka biyun, domin na farko shi ne dalili, na biyu kuma shi ne za a warware.

Ga inda Git ke ruɗa mutane. Idan ka buga `git show 7c1e9ab`, da alama ba za ka ga `orders.py` ba sam. Ga komit na haɗi, wannan umarni yana nuna fayilolin da suka bambanta da iyayen biyu ne kawai, wato ɓangarori biyun da aka haɗa, kai kuwa fayil ɗinka daidai yake da na uba ɗaya harafi da harafi, don haka sai a tsallake shi. Haka ma `git log -- orders.py` a kan `main` zai iya ɓoye komit ɗin abokin aikinka kamar bai taɓa taɓa fayil ɗin ba, saboda Git yana bin ɓangaren da fayil ɗin bai sauya ba ya bar ɗayan. Mutum zai iya ɓata awa guda yana rantsuwa cewa gyaran bai taɓa shiga ba. Waɗannan biyu su za su fito maka da gaskiya:

```
git show --remerge-diff 7c1e9ab
git log --full-history --oneline -- orders.py
```

Na farko yana sake yin haɗin da kansa, sannan ya nuna bambancin abin da Git ya samar, da alamomin karon, da abin da kai ka ajiye. Ya shigo ne a Git 2.35 a shekarar 2022, don haka idan naka ya girme shi sai ka sabunta. Abin da ya fito maka shi ne hujjarka. Ka duba shi da kyau ko akwai wani fayil da ka yi wa irin wannan, domin wanda ya yi `--ours` sau ɗaya cikin gaggawa yakan yi sau biyu, kuma na biyun yana iya zama a wurin da bai fashe ba tukuna.

Lokuta kuma ka ɗebo su daga rajistar ɗorawa da ta faɗakarwa, kada ka dogara da tunaninka. Wanda yake cikin tashin hankali ba ya iya ƙiyasta minti. Idan tawagarku tana warwatse a ƙasashe, ka rubuta da agogon UTC ka faɗi haka.

## Me ya bar shi ya wuce

"Na warware karo ba daidai ba" gaskiya ce, amma rabin amsa ce. Tsakanin kwamfutarka da saba akwai ƙofofi da aka kafa don tare irin wannan, kuma duk ya wuce su. Shugaba mai hankali wannan zai fi damunsa, domin kai ka riga ka koyi darasi, amma sabon ma'aikacin da zai zo baɗi bai koya ba.

Ƙofa ta farko bita ce. Ka duba lokacin da aka amince da aikinka da lokacin da ka yi `7c1e9ab`. A mafi yawan irin wannan da na gani, an amince tun kafin a janyo `main`, amincewar kuma ta ci gaba da aiki bayan kod ya sauya. Da mai bita ya sake kallo, da ya ga layukan `state` suna komawa `status` ƙarara. A GitHub akwai saitin da ke soke tsohuwar amincewa idan sabon komit ya shigo, sunansa `Dismiss stale pull request approvals when new commits are pushed`. Ƙofa ta biyu gwaji ne. Idan gwaje-gwajenku sun yi kore alhali kod yana kiran gurbin da babu shi, to ba sa magana da rumbun bayanai na gaske, wani na bogi suke tambaya wanda ke amsa musu abin da suke son ji. Ka faɗi waɗannan ba tare da nuna yatsa ba. Kada ka rubuta cewa wane bai duba da kyau ba, ka rubuta cewa amincewar ta riga haɗin da awa kaza kuma tsarin bai nemi sabuwa ba.

Game da naka laifin, jimla ɗaya ta isa, a fili, da "na". "An samu matsala wajen haɗewa" ɓuya ce, kuma kowa zai gane ɓuya ce tunda sunanka na kan komit. Amma kada ka cika takarda da ban haƙuri. Idan ka yi haka ka ƙara wa shugaba aikin lallashinka, alhali yana da kwastomomin da odarsu ta maƙale.

## Tsarin gyara

Hanya biyu ce a gabanka: ka gyara `orders.py` a kan `main` ka sake ɗorawa da rangwamen a ciki, ko ka warware haɗin gaba ɗaya ka dawo da rangwamen daga baya cikin natsuwa. Ni ta biyu nake ba da shawara. Gyaran gaba yana da daɗi don aikinka ba ya fita, sai dai zai sa ka sake haɗa aikin mutum biyu da hannu, a gajiye, kowa yana jiranka ka buɗe masa hanya. Wannan shi ne ainihin yanayin da ya haifar da matsalar. Warwarewa kuwa tana mayar da `main` halin da aka riga aka san yana aiki, kuma ana iya tabbatar da ita da umarni ɗaya.

```
git switch -c revert-discount origin/main
git revert -m 1 a3f92d1
git diff a3f92d1^1 HEAD
```

`-m 1` yana gaya wa Git cewa uba na farko, wato `main` kafin haɗin, shi ne za a koma wa. Idan babu abin da ya shiga bayan haɗinka, umarni na uku bai kamata ya nuna komai ba, kuma wannan shirun shi ne shaidarka. Kada ka kusanci `git reset --hard` da turawar dole a kan `main`. Sauran mutane sun riga sun janyo wannan tarihi, idan ka sake rubuta shi ka raba matsalarka ga kowa, ka kuma goge hujjar da takardarka ta dogara da ita.

Akwai tarko a gaba wanda ya kamata ya shiga takardar, don kada wani ya faɗa. Bayan warwarewa, idan ka gyara reshenka ka sake haɗa shi, rangwamen ba zai dawo ba. A wajen Git waɗannan komit sun riga sun shiga `main`, warwarewar abin da ke cikin fayiloli ta cire, ba ta cire tarihi ba. Sabon gyaran kaɗai zai shigo, sai ka samu rabin aiki. Yadda ake yi shi ne ka buɗe sabon reshe daga `main`, ka yi `git revert` a kan komit ɗin warwarewar kansa. Wannan zai dawo da rangwamen tare da ɓataccen `orders.py`. A cikin wannan reshe za ka gyara fayil ɗin, kai da abokin aikin da ka goge wa aiki kuna kallon allo ɗaya, kafin a haɗa. Shi ya san abin da ya sauya, kuma wataƙila ba sunan gurbi kaɗai ba ne.

Duk wannan idan haɗi ne mai iyaye biyu. Idan kuna dunƙule reshe ya zama komit ɗaya kafin ya shiga, `git revert` ba tare da `-m` ba ya wadatar, sai dai kada ka goge tsohon reshen tukuna, domin `7c1e9ab` a can kaɗai yake. Idan kuma reshenka ya zo da nasa sauyin fasalin rumbun bayanai wanda ya riga ya gudana a saba, ka dakata. Warware kod ba ya mayar da rumbu baya, kuma wasu kayan aikin suna ƙin tashi idan rumbu ya ce an gudanar da wani sauyi amma fayil ɗinsa ya ɓace. A wannan hali ka bar fayil ɗin sauyin a cikin ma'ajiya, ka nemi mai kula da rumbun ya duba kafin a ɗora. Kun ma yi sa'a da aikin abokin naka ya fita tun a `v2.13`. Da tare suka fita da naka, tsohuwar sigar ma `status` za ta nema, kuma komawa gare ta ba zai tsinana komai ba.

Abu na ƙarshe a tsarin, wanda masu rubuta kod suka fi mantawa, shi ne ɓarnar da ta riga ta faru. Tambayar da za ka bi ita ce: a tsarinku kuɗi ake fara cira ko oda ake fara rubutawa? Idan kuɗi ne, akwai yiwuwar an ciri kuɗin wasu ba tare da oda ta shiga ba. Ana gane wannan ta hanyar jera bayanan kamfanin biyan kuɗi na waɗannan mintuna kusa da teburin `orders`. Ko ba ka gama ba, ka rubuta cewa kana kai da lokacin da za ka gama.

## Takardar kanta

Ga yadda zan rubuta ta da ni ne kai. Lokuta da alƙaluman na misali ne.

> Faɗuwar oda ta jiya, 14:05 zuwa 14:43: dalili da tsarin gyara
>
> Barka da safiya, Shugaba.
>
> Oda tana shiga daidai tun 14:43 na jiya, saba tana kan `v2.13`. Amma `main` har yanzu a ɓace yake, don haka an dakatar da ɗorawa. Ina neman amincewarka kan abu biyu: in warware `a3f92d1` da safen nan, sannan a ɗage fitar rangwame zuwa Alhamis.
>
> Na tsawon minti 38 duk wanda ya yi ƙoƙarin saye ya samu kuskure 500. Rajista ta nuna yunƙuri 212 da suka faɗi. Kallon kaya da shiga asusu ba su taɓu ba. Ban tabbatar ba tukuna ko an ciri kuɗin wani ba tare da oda ba. Ina kwatanta bayanan biya da teburin `orders`, zan turo maka sakamako kafin 12:00.
>
> An ɗora `v2.14` da 14:05. Faɗakarwa ta fara da 14:12. Da 14:31 muka yanke komawa baya, aiki ya dawo 14:43.
>
> Dalili: da na janyo `main` cikin `feature/discount` a komit `7c1e9ab`, `orders.py` ya ci karo, na ɗauki nawa gaba ɗaya ban duba abin da ke ɗaya ɓangaren ba. Hakan ya goge sauyin `status` zuwa `state`, sai kod ya riƙa neman gurbin da babu shi. Kuskurena ne. Na duba haɗin da `--remerge-diff`, wannan fayil kaɗai abin ya shafa.
>
> Ya wuce bita saboda an amince da aikin kafin wannan haɗin, kuma tsarin bai nemi sabuwar amincewa ba. Ya wuce gwaji saboda gwajin oda ba ya taɓa rumbun bayanai na gaske.
>
> Yau zan warware `a3f92d1`, in tabbatar `main` ya koma yadda yake kafin haɗin, a gwada oda ɗaya a sabar gwaji, sannan a buɗe ɗorawa. Gobe zan dawo da rangwame a sabon reshe ta hanyar warware warwarewar, mu gyara `orders.py` tare da mai sauyin, da sabuwar bita. Don Allah kada kowa ya sake haɗa tsohon reshen, ba zai dawo da aikin ba. Kafin Alhamis zan ƙara gwaji ɗaya da ke rubuta oda a PostgreSQL na gaske. Ina kuma ba da shawarar a kunna soke tsohuwar amincewa a kan `main`, wannan yana hannunka.

Ka ga kowane mataki yana da mai yinsa da ranarsa da abin da zai nuna an gama. "Zan ƙara kula nan gaba" ba ya cikin takardar, domin babu yadda shugaba zai duba ranar Alhamis ya ga ko ka ƙara kula. Gwaji kuwa ko yana nan ko babu. Kuma na tsaya a kan matakan kariya biyu da gangan. Mutum idan yana jin nauyin abin da ya yi yakan jero alkawari goma, a yi biyu a manta takwas. Ka zaɓi waɗanda da suna nan jiya da abin bai kai saba ba.

Jerin lokutan yana ɗauke da wata tambaya da shugaba zai iya yi maka, gara ka shirya mata: me ya faru tsakanin 14:12 da 14:31? Minti 19 ke nan ana kallon kuskure ba a koma baya ba, rabin tsawon faɗuwar. Sau da yawa amsar ita ce ana ta neman dalili ne, ko kuma ba a san wa ke da ikon cewa a koma ba. Idan haka ne a wajenku, ka faɗa masa yadda yake, ka kawo shawarar cewa duk faɗuwar da ta biyo bayan sabuwar ɗorawa a fara komawa baya sannan a yi bincike, muddin sigar ba ta sauya fasalin rumbu ba.

Kafin ka tura, ka nuna wa abokin aikin nan sakin layin dalili ya tabbatar haka abin yake, don kada ya fara jin labarin gogewar aikinsa daga bakin shugaba. Da ƙarfe 12:00 kuma ka turo sakamakon kwatanta kuɗin a ƙarƙashin wannan takarda ɗin, ko da abin da za ka ce shi ne ka duba 150 cikin 212 kuma sauran za su kai ka 14:00.